Mura Ba Ta Jin Kafso: Jawabi Ga Iyaye Mata Kan Shan Antibayotik

An ba ni ɗan lokaci in yi magana kan lafiyar iyali, sai na zaɓi abu guda da kusan kowane gida ake yin sa, musamman idan hunturu ya kama: sayen kafso ko sirof na antibayotik saboda mura. Ina nufin irin su amoksilin, ampikulos, saftirin da tetirasaikilin, waɗanda wasunmu ba ma ma kiran sunansu, sai dai a aiki yaro kemis a ce ya karɓo ja da yalo. Maganata a taƙaice ita ce, waɗannan magunguna ba sa warkar da mura ko kaɗan, kuma duk lokacin da aka sha su babu dalili, ana rage musu ƙarfi ne a kan ranar da za a neme su da gaske.

Da Hausa duk "ƙwayoyin cuta" muke cewa, amma iri-iri ne, kuma biyu daga ciki su ne suka shafe mu yau. Akwai bakteriya, akwai kuma bairos. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta. Tana ci, tana girma, tana rabuwa biyu ta hayayyafa, kuma tana da bango da ya kewaye jikinta. Ita ke kawo taifot, da tarin fuka, da yawancin ciwon mafitsara, da maruru. Aikin amoksilin shi ne ya hana ta gina wannan bango, sai ta fashe ta mutu. Shi kuwa bairos ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba shi da wannan bango, kuma ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya kutsa cikin ƙwayoyin halittar hancinmu da maƙogwaronmu, ya sa su riƙa buga masa 'ya'ya. To mura bairos ne ke kawo ta. Haka ma babbar murar nan mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi, wadda ake kira fulu. Idan amoksilin ya shiga jikin mai mura, zai zagaya bai tarar da bangon da zai rusa a jikin bairos ba. Kamar ki zuba maganin ɓera ne a ɗaki kina jiran sauro ya mutu. Maganin mai kyau ne, amma ba aikinsa ba ne.

Na san abin da wata ke faɗa a ranta: "Malama, ni fa na ba ɗana, kuma ya warke." Gaskiya ne ya warke. Amma bari mu bi lamarin rana-rana.

Mu ɗauki yarinya 'yar shekara uku. Ranar Litinin ta tashi da atishawa, hanci na zubar da ruwa, jiki da ɗan ɗumi. Talata tari ya shigo, ba ta son abinci. Laraba abin ya fi tsanani, majina ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko kore, daren ba a yi barci ba. Ranar ce hankalin uwa ke tashi, a sayo sirof ɗin amoksilin. Zuwa Juma'a yarinya ta fara wasa, sai a ce wannan magani akwai kyau. Abin da ya faru shi ne, mura tana kai ƙarshen ƙarfinta ne a wajen kwana na biyu zuwa na uku, daga nan garkuwar jiki ta fara cin ƙarfinta, cikin kwana 7 zuwa 10 ta wuce. An ba da maganin ne daidai lokacin da ciwon ke shirin sauka da kansa. Yarinyar maƙwabta da ba a ba ta komai ba sai ruwa da kunu da farasitamol, ita ma ranar Juma'ar za ta tashi. Koriyar majinar nan kuma ba shaidar bakteriya ba ce. Sojojin jini ne da suka taru suna yaƙi suka canza mata launi. Tarin kuwa yana iya jan ƙafa har mako biyu ko uku bayan murar ta tafi. Ƙaramin yaro yana iya yin mura sau 6 zuwa 8 a shekara, kuma wannan ba alamar yana da wata cuta a ɓoye ba ce.

Yanzu ina sirof ɗin ya tafi, tunda bai taɓa murar ba? A cikin hanjin kowannenmu, da hanci, da fata, akwai bakteriya masu ɗimbin yawa da muke zaune lafiya da su, wasu ma taimakonmu suke yi. Su maganin ke aukawa. Shi ya sa sau da yawa za ki ga yaro ya fara antibayotik sai gudawa ta biyo baya, ko mace ta sha sai ƙaiƙayin gaba ya taso mata. Amma ba duka ke mutuwa ba. A cikinsu akan sami 'yan kaɗan da ke da dabarar kare kansu, wasu suna fitar da wani sinadari da ke lalata amoksilin kafin ya taɓa su. Da can ba su da sarari, domin sauran sun cika wurin. Yanzu an share musu fili, kamar kasuwar da aka kori kowa aka bar mutum ɗaya da rumfuna. Bakteriyar hanji da ake kira ikolai, idan ta sami abinci da ɗumi yadda take so, tana rabuwa biyu kusan kowane minti 20. A wannan lissafi, ƙwaya ɗaya tana iya haura miliyan biyu cikin awa 7. Har ila yau suna iya miƙa wa junansu wannan dabara.

Ku lura da kyau, ba jikin yarinyar ne ya saba da magani ba, ƙwayoyin ne suka daina jin sa. Bambancin yana da muhimmanci, domin ƙwayoyi suna tafiya. Suna bin hannun da ba a wanke ba, da bayan gida, da ruwan sha, da kwanon da ake ci tare. Wata shida bayan haka, yarinyar ko uwarta ko jaririn da aka haifa a gidan ya kamu da ciwon mafitsara ko wata cutar bakteriya ta gaske. A ba da maganin da aka saba, kwana uku zazzaɓi bai sauka ba. A canza wani mai tsada. Daga nan sai allura, sai kwanciya a asibiti, sai gwajin gano maganin da ƙwayar ke ji. Sana'a ta tsaya, jari ya tafi, wani lokaci har da rai.

Wannan ba sabon gargaɗi ba ne. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya faɗa tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyi jure masa. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan wannan mutuwa.

To me za a yi wa mai mura? A ba shi ruwa da abin sha mai ɗumi akai-akai, ya huta. Mai shayarwa ta ƙara yawan ba da nono. Farasitamol daidai shekaru ko nauyin yaro yana sauke zazzaɓi da ciwon jiki. Idan hancin jariri ya toshe har ya hana shi tsotso, a ɗiga masa ruwan gishiri na hanci da ake sayarwa a kemis. Zuma da lemun tsami a ruwan ɗumi suna lafar da tari, amma kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Idan akwai zazzaɓi, a je a yi gwajin maleriya, kada a yi ta canke.

Abin da ya kamata kowace uwa ta iya shi ne gane lokacin da abin ya wuce mura ya zama limoniya, wato ciwon huhu, domin a nan ne antibayotik ke ceton rai. Hanyar ita ce ƙirga numfashi. Ki bari yaro ya natsu, ba yana kuka ba. Ki ɗaga rigarsa, ki duba agogon waya, ki ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga a cikin minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara ɗaya, 50 ko fiye. Daga shekara ɗaya zuwa 5, 40 ko fiye. Yarinyarmu 'yar shekara uku, idan a ranar Laraba kin ƙirga 30, tana sha tana ɗan wasa, mura ce, a ci gaba da kula da ita a gida. Idan kin ƙirga 46, kin sake kin sami haka, asibiti za a nufa a ranar, ba kemis ba. Haka nan idan ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa ciki duk lokacin da ta ja numfashi, ko ta kasa sha, ko tana amayar da komai, ko ta yi jijjiga, ko ta yi laushi ba ta farkawa sosai, wannan ba a kwana da shi. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, da zarar ya yi zazzaɓi a kai shi.

Ga manya, a ga likita idan numfashi na wahala, ko ƙirji na ciwo, ko zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko an fara samun sauƙi sai ciwon ya dawo da ƙarfi. Mai juna biyu, da tsofaffi, da masu ciwon suga ko asma ko sikila, idan fulu ta kama su kada su jira, domin su ne ta fi kayarwa. Tarin da ya kai mako biyu tare da rama ko gumin dare, a je gwajin tarin fuka.

Idan likita ya duba ya rubuta antibayotik, a sha shi yadda ya rubuta: adadin, da lokacin, da yawan kwanakin. Sayen ƙwaya huɗu saboda su kuɗin ya kai, wannan shi ne shan ƙasa da ƙima da aka yi gargaɗi a kai. Kada a ajiye ragowa don wata rana, kada a raba wa kishiya ko maƙwabciya don ciwonku ya yi kama. Sirof ɗin da aka haɗa da ruwa ba ya daɗewa, idan kwanakin da aka rubuta a kwalin sun wuce a zubar. Ampikulos ɗin da ake ɗiga wa jariri lafiyayye wai don kariya, da kafson da wasu ke sha bayan al'ada wai don wanke ciki, duk a bar su.

Roƙona na ƙarshe: idan kin kai yaro asibiti, likita ya duba ya ce mura ce, ya sallame ku da farasitamol kaɗai, kada ki fito kina cewa bai san aiki ba, kada kuma ki biya ta kemis ki cike gurbin. Ki tambaye shi alamun da za su sa ki dawo, ki riƙe su, ki ƙirga numfashin ɗanki da dare.

Allah ya ba mu lafiya da zuri'armu.