Takardar Gargaɗi: Abin Da Aka Tabbatar Kawai Ake Rubutawa

Yau zan ba ku labarin wata takardar gargaɗi da na rubuta, wadda saura ƙiris kalma ɗaya ta ɓata ta.

Ina aikin manaja a wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Muna da mai kula da sito, bari mu kira shi Sani. Ran 3 ga Maris aka ƙirga kaya, aka ga katan 20 na man girki sun fita babu sa hannun kowa, sannan katan 3 sun yi ɓatan dabo. Maigida ya kira ni, ransa a ɓace: "Rubuta masa gargaɗi yanzu, ka sa sata a ciki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bari mu ji ta bakinsa tukuna."

Sai muka fara ba shi takardar tuhuma, da zargi biyu a fili: fitar da katan 20 ba izini, da ɓatan katan 3. Muka ba shi awa 48 ya amsa a rubuce. Bayan ya amsa, muka sa ranar zama. Wanda ya kawo ƙarar bai jagoranci zaman ba, don mutum ba ya zama mai ƙara kuma alƙali. Aka nuna wa Sani littafin sito, aka bar shi ya zo da abokin aikinsa, ya yi tambayoyi.

To kun san me ya fito? Katan 20 ɗin ya amsa: direba na sauri, ya sake su da niyyar a sa hannu daga baya. Amma katan 3, sai ya kawo rasit. Ashe masu yoyo ne da aka mayar wa kamfanin da ya kawo su, akawu ne bai shigar a littafi ba. Da na rubuta "sata" tun ranar farko, da na yi wa bawan Allah ƙazafi da hannuna.

Ga yadda tsakiyar takardar ta kasance:

"Bayan takardar tuhuma ta ran 4 ga Maris, da amsarka ta ran 6, da zaman ran 10, an tabbatar ka fitar da katan 20 na man girki ba tare da sa hannun manaja ba, wanda ya saɓa wa ƙa'idar sito. Zargin ɓatan katan 3 bai tabbata ba, an janye shi. Wannan gargaɗi ne na farko, zai zauna a fayil ɗinka wata 6. Daga yau kada kaya su fita sai da sa hannu. Idan ka maimaita a cikin wannan lokaci, kana iya fuskantar gargaɗin ƙarshe. Kana da kwana 7 ka nemi a sake duba hukuncin."

Wata 6 da kwana 7 ɗin nan tsarin kamfaninmu ne, ku duba abin da naku ya tanada.

Ku lura, maigida ya so in ƙara cewa Sani yana yawan makara. Na ƙi. Makara ba ta cikin tuhumar, ba a tambaye shi a kanta ba, ba a ba shi damar kare kansa ba. Duk laifin da ya shiga takardar gargaɗi ba tare da ya bi ta zaman ba, shi ne ramin da lauya zai tura ka ciki idan magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ga hanyar gwaji mai sauƙi: ajiye tuhumar a dama, gargaɗin a hagu. In ka ga laifi a hagu da babu shi a dama, goge shi.

Sannan maigida ya ce a ci shi tara daga albashi. Nan ma na taka birki. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya hana cire tara daga albashin ma'aikaci. Ko asara ya jawo da gangan ko da sakaci, sai an samu amincewar jami'in ƙwadago a rubuce kafin a cire. Mu kuwa ko asara ba mu yi ba, kuɗin katan 20 sun shigo.

Da na miƙa wa Sani takardar, sai ya noƙe: "Manaja, in na sa hannu ai na ɗaure kaina." Na nuna masa layin ƙasa, inda aka rubuta cewa sa hannu shaidar karɓa ce kawai. Da ya ƙi, da sai in rubuta ranar da lokacin a gaban shaida. Ya karanta sau biyu, ya tsaya a kan jimlar da ta wanke shi daga katan 3, sannan ya sa hannu. Kwafi ɗaya nasa, ɗaya na fayil.

Har yanzu Sani ne a sito, kuma ko ni na zo ba takarda, ba ya buɗe min ƙofa.

Idan an taɓa ba ku gargaɗi ba tare da an ji ta bakinku ba, ku faɗa mana yadda ta kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.