Dukiyar marayu a hannun uwa: a ci 'ya'yan itace, a bar itacen

An ce in yi muku bayanin yadda na bi da kuɗin gadon da maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya bar wa 'ya'yanmu uku. Ni a Nasarawa GRA nake zaune a Kano, a sashen baya na gidan yayansa. Kada sunan unguwar ya sa wata ta ce ai wannan zancen masu kuɗi ne. Dokar da ta hau kan miliyan ita ce ta hau kan awaki biyar da buhun gero uku.

Abu na farko, kuma shi ne ya fi wuyar shiga kai: yawancin abin da ke hannunki ba naki ba ne. Bayan na fita takaba, wata huɗu da kwana goma, an biya bashin da ake bin mamacin, sannan aka zauna rabo da malami da shaidu. Abin da ya rage naira miliyan 12 ne. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take samu, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma in ku biyu ne ko uku, wannan tumunin za ku raba. Ni kaɗai ce, na sami miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiyarsa tana raye, ta karɓi sudusi, miliyan 2. Sauran miliyan 8 da rabi na yara ne. Maza biyu da mace ɗaya, aka kasa biyar: kowane namiji kashi biyu, macen kashi ɗaya.

To, tumunina in na ga dama in sayi gwal, in na ga dama in zuba a kasuwa in yi asara, ba mai tambayata. Na yara kuwa amana ce. A mazhabar Malikiyya da muke bi, zama uwa kaɗai ba ya ba mace ikon juya dukiyar maraya. Sai in uban ya yi wasiyya da ita, ko alƙali ya ɗora ta a kai. Shi ya sa muka je kotun Musulunci ni da yayan maigidan, aka rubuta cewa ni zan riƙe, shi kuma ya zama mai sa ido. Mata da yawa suna jin nauyin wannan, suna ganin kamar kai ƙarar dangin miji ne. Ba ƙara ba ce. Takardar nan ita ce take rufe bakin duk wanda zai zo daga baya ya ce a ba shi kuɗin ya juya wa yara, kuma ita ce za ta wanke ki ranar da yaran suka girma suka tambaya.

Kafin in ajiye ko kwabo a wani wuri, sai da na zauna da biro da littafi na lissafa abin da yaran ke ci a shekara: abinci, kuɗin makaranta zango uku, Islamiyya, magani, kayan sallah. Ya kama naira miliyan ɗaya da dubu 200, wato dubu 100 a wata. Ku duba nan da kyau. Da na zuba kuɗin a banki ina ɗiba kawai, shekara bakwai sun ƙare, ko da farashi bai motsa ba. Autata a lokacin shekararta huɗu. Tana cika sha ɗaya babu komai. Wannan lissafin shi ya nuna min abin da nake nema: ba riba mai yawa ba, abin da zai riƙa haihuwa yana ciyar da su, uwar kuɗin tana nan.

Sai na kasa kuɗin. Na ware na cin shekarar farko, na ƙara miliyan ɗaya da dubu 300 na ko-ta-kwana, saboda asibiti ba ya jiran riba. Waɗannan na sa su a asusu na daban a bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa. Irinsu akwai su a Kano, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ. Na daban fa na ce. Kuɗin yara ba sa kwana asusu ɗaya da nawa, don ranar da suka haɗu ba za ki ƙara sanin na wa kika kashe a bikin ƙanwarki ba.

Kaso mafi girma, miliyan 5, na sa shi a Sukuk na gwamnatin tarayya. Bari in tsaya a nan, don na san da yawa ba ku taɓa jin sa ba. Gwamnati ce take karɓar kuɗin jama'a ta gina hanyoyi da su, sai ta riƙa biyan masu kuɗin haya, kamar yadda ɗan haya yake biyan mai gida. Shi ya sa malaman da ke duba shi suka ce ba riba ba ce irin wadda aka haramta. An fara fitar da shi a 2017, ta hannun ofishin kula da basussukan ƙasa, DMO. Ba kullum ake sayarwa ba, sai an buɗe, kuma ta banki ko dillalin hannun jari mai rajista ake cike takarda. Mafi ƙarancin abin da ake shiga da shi naira dubu 10 ne, ashe ba na masu kuɗi kaɗai ba ne.

Wanda aka buɗe a watan Mayun 2025 na shekara bakwai ne, hayarsa kashi 19.75 cikin 100 a shekara. A sauƙaƙe, duk dubu 100 tana kawo dubu 19 da ɗari bakwai da hamsin. Miliyan 5 ɗin yaran tana kawo naira 987,500 a shekara, ana biya sau biyu, duk bayan wata shida. Kun ga bai cike miliyan ɗaya da dubu 200 ba. Giɓin dubu 200 da 'yan kai da ɗinkina nake cike shi. Kuma da yake sau biyu kuɗin ke shigowa, makaranta kuwa sau uku take tambaya, in sun shigo sai in cire kuɗin zango mai zuwa tun a ranar, kafin cefane ya gan su.

Sukuk yana da nasa rauni, kuma ba zan ɓoye muku ba. In kika matsu kafin wa'adi, sai dai a sayar miki a kasuwar hannun jari, wataƙila ƙasa da yadda kika saya. Babban raunin kuma shi ne tsadar kaya. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kusa kashi 35 cikin 100. Miliyan 5 da za a dawo wa yaran da ita a 2032 miliyan 5 ce a takarda, amma ba za ta sayi buhunan da take saya yau ba. Wanda ya ce miki ajiyar banki ko Sukuk ba ta da asara ko kaɗan, bai je kasuwa ba.

Saboda haka miliyan ɗayan da ta rage na sa ta a abin da farashinsa ke tashi tare da kasuwa, kuma a nan kun fi ni sani: tumaki. Na sayi mata, na ba ƙanena a ƙauye yana kiwo. Mun rubuta a gaban shaidu biyu cewa iyayen na marayu ne, 'ya'yan da aka haifa a raba biyu. An yi musu allurar rigakafi tun farko, kuma duk wadda ta mutu sai an nuna wa ɗaya daga cikin shaidun kafin a yar. Ban wuce miliyan ɗaya ba, domin dabba tana ciwo, ana kuma sace ta. An ba ni shawarar in sayi hatsi a Dawanau da kaka in ajiye sai bazara. Na ƙi, sai dai na ci. Waɗanda suka tara masara a ƙarshen 2024 sun ga yadda farashi ya faɗo a 2025. Ɗan kasuwa zai iya ɗaukar wannan da kuɗinsa. Mai riƙon maraya ba ta da wannan damar.

Yanzu ga masu zuwa da daɗin baki, kuma za su zo, tun ba a share makoki ba. Wani daga cikin dangi ya ce in ba shi miliyan 3, duk wata zai riƙa kawo min dubu 300, uwar kuɗi kuma ba abin da zai taɓa ta. Ku auna da ni. Dubu 300 sau goma sha biyu ya fi miliyan 3. Wace sana'ar halal ce take ninka jari duk shekara ba fashi? Sukuk ɗin gwamnati ma bai kai kashi 20 ba. Sannan a shari'a, in kika ba mutum jari ya juya, ribar kashi ake rabawa, rabi ko sulusi na abin da aka samu. Ba a yanke adadi tun kafin a fita kasuwa. Duk wanda ya yanke miki riba kuma ya rantse ba asara, ko dai bashi da ruwa yake karɓa, ko kuma da kuɗin wata zai biya ki wata biyu ko uku ya ɓace. Haka MMM ta yi da mutane a 2016, haka CBEX ta yi a 2025. Amsar da na ba shi gajeriya ce: "Kawu, kuɗin ba nawa ba ne, sai mu je wurin alƙali tare." Bai sake tayar da zancen ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. 'Yata kashi ɗaya gare ta, yayyenta bibbiyu, amma cikinta da kuɗin makarantarta ba rabin nasu ba ne. In na bar abin haka, ko dai nata ya riga ƙarewa, ko ta ci na 'yan uwanta. Tukunya dai ɗaya ce, malamai sun ce ba laifi a haɗa abincin marayu da na gida. Amma makaranta da magani kowa da shafinsa a littafina, kuma abin da hayar kasonta bai kai ba, daga tumunina nake cika mata.

Wadda abin da aka bar wa 'ya'yanta dubu 300 ne da gona, tsarin bai canja ba. Gonar kada a sayar. A noma, ko a ba da haya da shaidu. A ware na asibiti, a sa wani abu a awaki. Zubin ƙungiya na mako-mako kuma ki yi shi daga sana'arki. In kin ci bashin akwati jarin ya karye, kada a taɓa akuyar maraya don a biya, kuma ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi kada su karɓi dukiyar maraya a matsayin jingina.

Littafin nan nawa, duk ƙarshen shekara nake kai wa yayan maigidan ya duba ya sa hannu, da rasit ɗin makaranta da takardar banki a maƙale a ciki. Babban ɗana yana da shekara goma sha huɗu yanzu, bana na fara zaunar da shi yana karanta shafinsa da kansa, yana tara lissafin.