Katangar Lambunmu: Waya Ko Bulo?

Jawabin kwamitin lambu a taron cikar ƙungiya shekara



An ba mu minti kaɗan mu yi bayani kan kewaye lambun ƙungiya, tunda yau za a yanke shawarar kuɗin da muka tara. Kowa ta san abin da ya faru. Rani biyu muna yin darni da karan gero, rani biyu awaki na cinye darnin su wuce ga zogale. A nan Baure, da zarar an kawar da amfanin gona aka saki dabbobi, duk wani kore da ya rage a gari namu ne, kuma akuya ta san hanya. Ga garken da ke wucewa ta wajen Babban Mutum zuwa Magariya da dawowa.

Abu uku muka duba: ragar kaji, da waya mai saƙa irin wadda ake kewaye makarantu da ita, da ginin bulo.

Ragar kaji ba za mu daɗe a kanta ba, don mun riga mun biya kuɗin karatunta. Bara mun saya saboda arha. Siririya ce ƙwarai, akuya kuwa tana son sosa jikinta. Ta jingina yau, ta jingina gobe, ragar ta yi ciki, ƙasanta ya ɗaga, 'yan awaki suka kutsa. Inda ta taɓa danshi kuma tsatsa ta cinye kafin damina ta fita. Wurinta shi ne akurkin kaji da kewayen 'yan tsirran da muke reno, a cikin wata katangar. Akwai 'yar'uwarta mai kauri wadda aka yi wa walda gida-gida, tana tsayawa da kyau, amma daga wurin waldar take fara tsatsa, kuma idan ƙasa ba a baje take ba, sai ta bar kafa a ƙarƙashi.

To, bulo fa? Da yawa daga cikinmu shi suke so, muna kuma gane dalili. Amma mu yi lissafi tare. Lambunmu ƙafa 100 ne ta kowane ɓangare, kewayensa ƙafa 400 ke nan. Tsawon bulo ɗaya ƙafa ɗaya da rabi ne, don haka layi ɗaya kawai zai ci bulo wajen 267. Katanga mai tsayin ƙafa 6 tana bukatar layi 8 a sama da ƙasa, a ƙara aƙalla layi 2 na tushe. Layi 10 ke nan, bulo wajen 2,670. Ba mu sa simintin ɗauri ba, ba mu sa rodi da tsakuwa ba, ba mu sa ruwa da kuɗin magina ba.

Kuma a irin ƙasarmu ta jigawa, ba a yi wa katanga rowa. Rairayi ne, ruwa na zaizaye gindi, ga iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas ta bugi bango gaba ɗaya, don bango ba ya barin iska ta wuce. Idan ba a zuba ginshiƙin kankare da rodi duk bayan ƙafa 10 ko 12 ba, kuma ba a bar ƙofofin ruwa a ƙasa ta wajen gangare ba, wata safiya za a tarar da shi a kwance. Wata 'yar ƙungiyarmu ta gani a gidanta: mai buga bulo ya ja buhun siminti ya yi yawa, bulon ya zama kusan yashi zalla. Gwajin ba wuya. A karce shi da ƙusa, ko a murza gefensa da yatsa. Idan yana zuba kamar gari, a bar masa kayansa.

Akwai wata magana da ta fi kuɗi nauyi. Filin lambun nan aro aka ba mu. Bulo ba a naɗe shi a tafi da shi. Ran da mai fili ko magadansa suka bukaci abinsu, mun yi musu gini ne kyauta, ko kuma mu shiga rigimar da ba mu so. Waya kuwa a kwance ta, a naɗe, a ɗora a kurar shanu.

Kada a ce mun kushe bulo. Ga gidan zama, shi ne daidai, domin abin da ake nema a gida sutura ce, waya kuwa ba ta rufe ido. Wadda ba ta da halin yi gaba ɗaya, ta fara da ɓangaren hanya, sauran ta bar zana ko ginin ƙasa zuwa wata shekara. Sai dai kafin a haƙa tushe, a kira mai unguwa da maƙwabta a tsayar da iyaka a gaban kowa. Taku ɗaya da katanga ta shiga filin wani yana iya raba zumuncin shekaru.

Saboda haka ga lambu, waya mai saƙa muke ba da shawara. Amma ita ma ba duka ce ɗaya ba, kuma a nan ne muke roƙon a saurara.

Wajen saye, a nemi mai farin shafi mai hana tsatsa, mai kaurin milimita 2.5 ko sama. Idan kika matsa ido ɗaya da yatsu biyu ya lanƙwashe nan take, siririya ce. Faɗin idon kada ya wuce inci 2. In ya yi faɗi da yawa, akuya za ta zura kai ƙahonta ya maƙale, ta yi ta fizga har ta buɗe wurin. Kuma a warware naɗin a auna da tef a gaban mai shago, tsawo da tsayi, kada a dogara da abin da aka faɗa da baki.

Ƙarfin waya a turakunta yake. Duk ƙafa 10 turke ɗaya, wato turke 40 ga lambunmu. Kowane ya kai ƙafa 8: ƙafa 2 a cikin rami da kankare, 6 a sama. Mun san itace ya fi sauƙi, amma mun san gara ma. Gara a sa ƙarfe a shafa masa fenti, ko turken kankare. Na kusurwa huɗu da na bakin ƙofa dole a yi musu tokara, don su ne ke ɗauke da jan wayar duka. Sannan a ja zaren waya mai kauri guda uku daga turke zuwa turke, sama da tsakiya da ƙasa, a ɗaure ragar a jikinsu. Mai aikin da ya ce na ƙasan ba dole ba ne, bai taɓa kiwon akuya ba. Ta ƙasa take shiga, ba ta sama ba.

Shi ya sa muke so a haɗa da bulo kaɗan: layi ɗaya tak a gindin wayar, wato waccan 267 ɗin, maimakon 2,670. Zai toshe kafar ƙasa, ya raba wayar da danshi, ya kuma tare rairayin da iskar hunturu ke kwasowa. Idan kuɗin bai kai ba, a bar bulon, a kafe zaren ƙasan da gajerun turaku. Mu kuma dasa aguwa ta waje, kamar yadda iyayenmu ke yi a iyakar gona. Reshe kawai ake kafawa ya kama, idan ta yi duhu dabba ba za ta samu ta jingina da wayar ba. A dai kula da yara, ruwanta ba ya son ido.

Ƙofa ma a yi ta ƙarfe da kwaɗo, a sa mutum biyu su riƙe makulli. Bara sau biyu ba ragar ce ta ba mu kunya ba, mu ne muka tashi daga ban ruwa muka bar ƙofa a buɗe.

Abin da muke nema yau shi ne amincewarku a kan waya mai saƙa da turakun ƙarfe 40 da layin bulo ɗaya, da kuma mata uku da za su je Daura su tambayi farashi a shago uku kafin a fitar da ko kwabo daga asusu. Muna so a gama kafin a saki dabbobi bana. Shugaba, mun maido miki magana.