Kuɗin Kafin Alƙalami Bashi Ne: Lacca ga Matasan Mawaƙa na Ikara, Maƙarfi da Kudan

Lokaci gajere ne, don haka zan tafi kai tsaye.

Aikin kamfanin waƙa kun san shi: shi ke biyan situdiyo da mai kiɗa, ya ɗauki nauyin bidiyo da talla, ya ɗora waƙa a YouTube da Audiomack da Boomplay, sannan ya karɓi kuɗin da suka shigo. Abin da ya saya da wannan hidima shi ne sautin da aka naɗa, wanda 'yan harka ke kira masta. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta bambanta shi da baiti da karin da mawaƙi ya ƙirƙira. Dukiya biyu ce, kuma takarda ɗaya tana iya kwashe su duka.

Na daɗe ina saɓani da wasu 'yan'uwana lauyoyi da ke ce wa yaro ya duba kaso nawa aka ba shi. Kaso ba shi ne wurin da ake yanka mutum ba. Tambayar ita ce: daga aljihun wa kamfani zai cire abin da ya kashe?

Mu yi lissafi da misali. Yaro ya tashi daga Hunƙuyi ya je Kano, aka ba shi naira miliyan 1 kuɗin kafin alƙalami. Kamfani ya kashe miliyan 1 da rabi a situdiyo, miliyan 2 da rabi a bidiyo da talla. Jimilla miliyan 5, kuma takarda ta ce duk za a cire su daga kasonsa, wato kashi 20 cikin 100. To, a kowace naira 100 da ta shigo, naira 20 kaɗai ke rage bashin. Sai waƙoƙin sun kawo miliyan 25 kafin bashin ya mutu. A ranar, kamfani ya mayar da kuɗinsa, ya ci ribar miliyan 20, shi kuwa yaro bai ga ko kwabo ba bayan miliyan ɗayan farko. Manomin rake a Maƙarfi da ya taɓa cin kuɗin dillali tun rake na gona ya san wannan ciwo.

Yanzu a sauya layi ɗaya. A ce a fara cire miliyan 5 daga dukkan abin da ya shigo, sannan a raba saura biyu. Daga wannan miliyan 25, yaro zai tashi da miliyan 10. Waƙa ɗaya, kasuwa ɗaya. Shi ya sa nake cewa a nemi a ga jerin abubuwan da ake cirewa, a sa musu iyaka, kuma kada a yi kashe-kashe masu nauyi sai da sa hannun mawaƙi. Idan babu haƙƙin ganin lissafi duk wata shida, da damar kawo akanta ya bincika littafi, ba za ka taɓa sanin ranar da bashinka ya ƙare ba.

Za a ce ai kamfani ne ya yi kasada da kuɗinsa. Gaskiya ne, ya ci ribarsa. Amma kasadar shekara biyu ba ta isa ta sayi masta har abada ba. A rubuta shekarar da zai dawo hannun mai shi.

Sai wa'adi. A ƙidaya shi da shekaru, domin idan da kundi aka ƙidaya, kamfani na iya ƙin sakin waƙa ya riƙe ka. A kuma duba wa ke da ikon sabuntawa.

Sunanka ma dukiya ce. A 2017 kamfanin G-Worldwide ya maka Kiss Daniel a kotu a Legas bayan ya bar su, kuma a 2018 ya koma Kizz Daniel. Idan haka ta sami wanda Nijeriya ta sani, ina ga ɗan Ikara da bai da lauya?

A nan Arewa akwai wani abin da ya fi damuna. Mawaƙinmu ya fi samu a biki da liƙi da waƙar siyasa da ta fim, fiye da abin da manhajoji ke biya. Takardar da ta ce kamfani na da kaso a dukkan kuɗin shigarka ta haɗa da waɗannan. A cire su, ko a taƙaita ga wasan da kamfanin ya samo da kansa.

Doka ta ce sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, saboda haka sa hannunka ne makaminka. Ka karɓi takardar ka tafi da ita gida, ka kai wa lauyan da ba na kamfanin ba; Zariya ba nisa. Ina kuma sake kira ga ƙananan hukumominmu uku, da ke raba wa matasa kayan sana'a, su ɗauki lauya ɗaya da zai riƙa karanta irin waɗannan takardu kyauta.