Kyautar Da Ba Ka Nema Ba

Jama'a, ku manoman Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur, ga wata magana game da wayar da ke aljihunku.

Wata rana da kaka, ka kai auduga ko masara kasuwa, ka sami kuɗi, sai saƙo ya shigo wayarka. An ce wai an jefa ƙuri'a, lambarka ta ci Naira 500,000. To, kafin ka yi murna, tambayi kanka: yaushe na shiga wannan ƙuri'a?

Ka san yadda adashi yake. Wanda bai zuba ba, ba ya kwasa. Haka ƙuri'a take. Kuɗin kyauta daga hannun waɗanda suka shiga yake fitowa, ko kuwa daga kamfani mai neman ya jawo masu ciniki. In ba ka yanki tikiti ba, ba ka kuma sayi kome ba, ta wace ƙofa sunanka ya shiga?

Ga yadda dabarar take. In ka buga waya, wani mai zaƙin baki zai taya ka murna, sa'an nan ya ce ka aiko da Naira 15,000 kuɗin rajista. Ka aika, gobe ya ce saura na haraji. Ba za a daina ba sai ranar da aljihunka ya bushe, sa'an nan wayarsa ta mutu. Duba mana: in da gaske kuɗinka na hannunsa, me ya hana shi cire 15,000 ɗin, ya ba ka saura?

Kada ka zaci kai kaɗai aka zaɓa. A ce ya aika wa mutum 1,000 saƙon nan, 5 kaɗai suka biya. Ya tashi da Naira 75,000 ke nan, bai taɓa fartanya ba.

Wani kuwa ba ya neman kuɗi. Sai ya tambayi lambobin da ke jikin katinka na banki, da lambar sirri, da wadda banki ya aiko maka yanzu a waya. Waɗannan su ne mabuɗin rumbunka. Ko ma'aikacin banki ba shi da ikon tambayarka lambar sirri.

Gaskiya ne, wani lokaci banki yakan yi ƙuri'a tsakanin masu ajiya a wurinsa. Amma rarrabewa ba wuya. Kada ka buga lambar da ke cikin saƙon. Tashi ka tafi bankin da ƙafarka, ka tambaya. Kyautar gaskiya ba a biyan kuɗi kafin a karɓe ta, ba ta kuma cewa ka yi sauri ko ka ɓoye wa 'yan'uwanka.

Wannan ita ce zambar da ake kira 419, kuma hukumar EFCC, wadda aka kafa a 2003, tana kama masu yinta. In an riga an cuce ka, kada kunya ta hana ka magana. Hanzarta zuwa banki a toshe katinka, sa'an nan ka kai ƙara wurin 'yan sanda.

Kai da ka iya karatu, maƙwabcinka zai kawo maka irin saƙon nan ka karanta masa. Ka karanta, ka kuma gaya masa gaskiyar abin da ke ciki.