Yaushe Barmani Choge ta Fara Waƙa a Bainar Jama'a, kuma Wa ya Koyar da Ita?



Tun rasuwar Hajiya Sa'adatu Barmani Choge a Funtua a 2013, ake ta maimaita cewa a 1973 ta fara waƙa. Wannan ya kwafa daga wancan, har maganar ta shiga kundayen digiri. Na daɗe ina jayayya da abokan aikina a kan haka, domin yawan maimaitawa bai zama hujja ba.

Amada, wanda Barmani take yi, kiɗan mata ne na cikin gida, da ƙwarya, a wurin biki da suna. Wa yake buga takardar tsarin taro don sunan jariri? Inda ma aka buga ta, wanda aka gayyata take nunawa, ba ta shaida cewa ya zo. Faifai da kaset kuwa iyakarsu su ce a shekarar da aka ɗauke su mawaƙiyar ta riga ta ƙware.

Hujjar da na fi amincewa da ita tana cikin waƙar kanta. Mawaƙin Hausa ba ya rabuwa da ambaton mutane, sarautunsu da kyautar da suka yi masa. Naira ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1973, don haka duk waƙar da aka gode wa wani a kan naira ba ta riga wannan rana ba. Amma a yi hattara, ambaton fam da sule ba ya tabbatar da tsufa, tunda mutanenmu sun ci gaba da lissafi da su shekaru bayan canjin kuɗi. Haka za a yi da kaset ɗin kowace zabiya ta ƙasar Gwandu. In ta yabi Sarki Haruna Rashid yana kan gado, waƙar tana tsakanin 1954 da 1995. In kuma ta ce Jihar Kebbi, ba ta riga Agustan 1991 ba, sai tazarar ta dawo shekara huɗu.

Batun koyarwa kuma, wasu na ganin tunda Uwaliya Mai Amada ta Kano ta riga Barmani suna, to ita ce malamarta. Kamannin salo kowa na iya ɗauka daga rediyo. Ana koyon amada ne ta yin amshi, saboda haka tambayar ita ce a bayan wa Barmani ta zauna tana amsawa, kuma 'yan amshinta da tsofaffin matan Funtua ne za su faɗa.

Ina kira ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta nemi izinin kwafe tsofaffin faifan Rima Radiyo da Rediyon Kaduna tare da rajistarsu, ta kuma tura ɗalibai mata cikin gidaje su ɗauki bayanin tsofaffin 'yan amshi tun suna raye.