Takardar Rage Albashi: Yadda Ake Faɗa wa Malami Gaskiya
Jawabin da aka gabatar a taron reshe da shugabannin makarantu



An nemi in yi magana a kan takardar da ba wanda yake son rubuta ta, wato wadda ake sanar da malamai cewa za a rage musu albashi ko za a sallami wasunsu. Ƙungiya ba ta goyon bayan ko ɗaya daga cikin biyun, kuma duk inda ya taso za ta zauna a tattauna. Amma idan abin ya zama tilas, yadda aka rubuta takardar yana iya ƙara wa malami ciwo a kan ciwo, ko kuma ya bar masa mutuncinsa.

Na taɓa karɓar irinta a wata makaranta mai zaman kanta da na koyar. Ga abin da ta ƙunsa: sakamakon halin da ake ciki, an yanke shawarar yin wasu gyare-gyare a tsarin biyan ma'aikata har sai abin da hali ya yi, ana fatan kowa zai ba da haɗin kai. Muka karanta, muka dubi juna. Mako uku cur ba wanda ya san nawa zai ɗauka, sai da kuɗi suka shigo asusu kowa ya yi lissafi da kansa. A cikin makonnin nan ji-ta-ji-ta ta cika ɗakin malamai, wasu suna cewa rabi za a yanke, wasu suna cewa kora ce ke tafe. Mutum biyu daga cikin ƙwararrunmu suka nemi aiki a wani wuri suka tafi, alhali ragin bai kai abin da suka ji tsoro ba.

Ku dubi kalmar "an". Hausa ta ba mu ita don mu faɗi aiki ba tare da ambaton mai shi ba, kuma a wurare da yawa ladabi ce. A takardar rage albashi kuwa maɓoya ce. Malamin da aka ce masa "an yanke shawara" bai san ƙofar wa zai ƙwanƙwasa ba. A rubuta "ni da hukumar gudanarwa mun yanke", a sa suna, a sa hannu. Haka "gyare-gyare" da "sake fasali" da "daidaita al'amura": idan ragi ne a ce ragi, idan sallama ce a ce sallama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari mu ɗauki misali. Makaranta tana da ɗalibai 400, kowanne yana biyan naira 24,000 a zango. Sai suka ragu zuwa 340. Kuɗin da ya ɓace a zango ya kama naira 1,440,000, kuma da yake kuɗin zango ɗaya ne ke riƙe albashin wata huɗu, giɓin kowane wata naira 360,000 ne. Malamai 20 ne, jimillar albashinsu naira 1,800,000 a wata. Ke nan giɓin daidai yake da albashin malamai huɗu, ko kashi 20 cikin ɗari na albashin kowa. Shugabar makarantar ta dakatar da ginin da ake yi, ta rage wasu hidindimu, ta toshe rabin giɓin. Saura naira 180,000. Ga yadda ya kamata takardarta ta kasance:

"Malamai, ina rubuto muku ne a kan albashi. Ni da hukumar gudanarwa muna neman amincewarku a rage kashi 10 cikin ɗari na albashin kowa, har da nawa, daga watan Janairu zuwa ƙarshen Afrilu. Mai ɗaukar naira 90,000 zai ɗauki 81,000. Dalili shi ne ɗalibanmu sun ragu da 60, muna da giɓin naira 360,000 a wata. Mun toshe rabi ta hanyar dakatar da gini da rage hidima. Ɗayar hanyar ita ce sallamar malamai biyu, kuma ba mu zaɓe ta ba. Wannan ba bashi ba ne, ba za mu iya mayar da abin da aka rage ba. A makon farko na Mayu zan kawo muku adadin ɗalibai. Idan sun kai 370, albashi zai koma yadda yake a watan. Ba gazawar kowa ce ta jawo wannan ba. Na aika wa wakilin ƙungiya kwafi, kuma za mu zauna ranar Alhamis bayan tashi, da littafin asusu a gabanmu."

Jimlar da na fi so ku riƙe ita ce wadda ta ce ba bashi ba ne. Ita ce mafi ɗaci, kuma ita ce aka fi gudu. Shugaba yakan ce "in Allah ya yarda za a duba daga baya", don ya fita daga ɗakin lafiya. Malami kuwa yana jin wannan a matsayin alkawari, sai ya ci bashin hatsi a kansa. Idan za a mayar, a faɗi watan da za a mayar. Idan ba za a mayar ba, a faɗa tun yau, mutum ya san yadda zai yi da kuɗin haya da na makarantar 'ya'yansa.

Ku lura kuma ta ce "muna neman amincewarku". Albashi sharaɗi ne na yarjejeniyar aiki, ɓangare ɗaya ba ya sauya shi shi kaɗai. Sai dai kada a kira abu shawara alhali an riga an rufe ƙofa. Wanda aka tara don jin ra'ayinsa, ya tarar an gama buga takardar biya, ya san an raina shi.

Idan maganar ta kai ga sallama, Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 20, ta shata hanya: a sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar na ƙarshen shigowa shi ne farkon fita tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan a yi iyakar ƙoƙari a daidaita kan kuɗin sallama. Sashe na 11 ya ƙayyade mafi ƙarancin wa'adi: mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu bai kai biyar ba, wata guda ga wanda ya kai biyar. A duba takardar ɗaukar aikin malamin ma, domin idan ta ba shi fiye da haka, ita za a bi. Duk wannan ya fito a rubuce: ranar ƙarshe ta aiki, abin da za a biya shi da ranar biya, da matsayin kuɗin fanshonsa da aka cire. A ba shi takardar shaidar aiki da ke cewa raguwar ɗalibai ce ta jawo, ba laifinsa ba, domin shugaban da zai je neman aiki wurinsa tambayar da zai fara yi ke nan.

Kada malami ya fara jin labarin a allon sanarwa, ko a saƙon waya, ko daga bakin maigadi. A kira shi ofis shi kaɗai, bayan ya gama darasinsa na ranar, a ba shi kujera, a faɗa masa a jimlar farko, sannan a miƙa masa takarda. Idan ya yi shiru a bar shi ya yi shirunsa. Kada a ce masa "ai mu duka 'yan gida ɗaya ne" a ranar da ake fitar da shi daga gidan, kuma kada shugaba ya shiga ba shi labarin yadda abin ya hana shi barci.

Duk shugaban da yake da irin wannan takarda a hannu, ya kawo ta ofishin reshe mu karanta tare kafin ta fita.